Yaya zan rubuta wa darakta imel ba tare da na yi rashin ladabi ko na cika shi da dogon bayani ba?

Ɗaliba_Zazzau:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a fannin injiniyancin injuna, kuma tun watan Yuni nake aikin sanin makamar aiki na SIWES a wata masana'anta a Kaduna, a sashen kula da injuna. Aikin zai ƙare ranar Juma'a 28 ga Nuwamba. A cikin rahoton da zan miƙa wa jami'a ina so in nuna yawan dizal ɗin da janaretocin masana'antar guda biyu suke sha, da awannin da suke aiki, domin ni ce nake shigar da waɗannan alƙaluma a littafi kowace safiya. Da na tambayi injiniyan da nake ƙarƙashinsa, sai ya ce shi ba shi da hurumin ba ni izini, in rubuta wa daraktan ayyuka imel. Wannan darakta sau biyu kawai na taɓa ganinsa, kuma ban taɓa magana da shi ba.

Kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa. Abin da nake da shi yanzu sakin layi biyar ne, kusan kalmomi 400. Na fara da gaisuwa da tambayar iyali, sai godiya da aka karɓe ni a kamfanin, sai neman afuwa saboda zan ɗauki lokacinsa, sai bayanin abubuwan da na koya, kuma a sakin layi na huɗu ne na ambaci izinin da nake nema. A ƙarshe na ƙara da roƙon a buga mini hatimin kamfani a littafin logbuk ɗina. A gurbin Subject na rubuta "Good morning sir". Idan na rage shi sai in ji kamar na yi wa babba tsaurin ido, idan na bar shi kuma ina tsoron ba zai karanta ba. Don Allah waɗanda suka san aikin ofis su nuna mini yadda ake yi.

Tsohuwar_Sakatariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru masu yawa ina zaune a ƙofar ofishin manya, kuma ni ce nake buɗe akwatin saƙonninsu, saboda haka bari in fara gaya miki yadda saƙonki zai isa gare shi, domin daga nan ne sauran maganar za ta fito. Mutum irin wannan ba ya zama a gaban kwamfuta ya karanta imel ɗaya bayan ɗaya. A waya yake dubawa, a cikin mota ko tsakanin taro da taro, kuma abin da yake gani a jerin saƙonni abu uku ne kacal: sunan wanda ya aiko, taken saƙon, da 'yan kalmomin farko na jikin saƙon. Da waɗannan ukun yake yanke hukuncin ko ya buɗe yanzu, ko ya bari sai an jima, kuma abin da aka bari sai an jima yawanci sababbin saƙonni ne suke binne shi.

Yanzu ki duba naki da idonsa. Sunanki bai san shi ba. Taken yana cewa barka da safiya. Kalmomin farko kuma gaisuwa ce. Babu abin da ya nuna masa cewa akwai hukuncin da ake jira daga gare shi, balle ya san akwai ranar da ake bukatarsa. Zai ɗauka gaisuwa ce irin ta masu neman aiki ko neman taimako, ya wuce, ba don wulaƙanci ba.

Saboda haka gyara na farko shi ne taken. Ya ƙunshi abin da kike so ya yi, a kan mene ne, da kuma ranar da kike bukata. Gyara na biyu, abin da yake sakin layi na huɗu ya dawo na farko, bayan gaisuwar layi ɗaya da gabatar da kanki. Gyara na uku, ki cire maganar hatimin logbuk gaba ɗaya. Na sha ganin yadda idan aka haɗa bukatu biyu a saƙo ɗaya, maigida yakan amsa mai sauƙin ya manta da ɗayar, sannan ke kuma ki rasa yadda za ki sake tambaya. Hatimi ma ba aikin darakta ba ne, a ofishin kula da ma'aikata ko wurin sakatarensa za ki same shi.

Abban_Khalifa:
Ƙanwata, shawarata ita ce ki tabbatar kin haɗa da takardar tarihin karatunki da sakamakon jarrabawarki na baya-bayan nan, kuma ki bayyana a sarari cewa kina son kamfanin ya riƙe ki bayan kin gama. Daraktoci suna son matashin da ya san abin da yake nema, kuma irin wannan dama ta rubuta wa babba kai tsaye ba kullum ake samunta ba.

Injiniya_Kawo:
Abban_Khalifa, ina ganin ba ka karanta tambayar da kyau ba. Ba aiki take nema ba, izinin amfani da bayanan dizal take nema, kuma har yanzu tana da shekara guda a jami'a da hidimar ƙasa a gabanta. Idan ta cusa neman aiki a cikin wannan saƙo, ta koma cikin matsalar da Tsohuwar_Sakatariya ta gama bayani a kai yanzu.

Ni abin da zan ƙara ya shafi ita kanta bukatar, domin ina kula da ɗalibai irinta a wurin aikina. Abin da yake sa babba ya yi shiru a kan irin wannan roƙo ba tsawon saƙon kaɗai ba ne, rashin sanin iyakar abin da ake nema ne. Idan kika ce kina son amfani da bayanan janareta, shi abin da zai faɗo masa a rai shi ne kuɗin da ake sayen dizal, da sunan dillalin da yake kawowa, da yiwuwar wani ya lissafa yawan kayan da masana'antar take sarrafawa daga awannin aikin injuna. Waɗannan sirrin kamfani ne, kuma wanda bai tabbatar ba yakan zaɓi yin shiru a kan ya ce eh. To ki rufe masa waɗannan ƙofofi da kanki. Ki ce lita da awanni kawai kike so, daga Yuni zuwa Oktoba, na janareta biyu, babu farashi, babu sunan dillali, kuma idan ya fi so za ki iya ɓoye sunan kamfanin a wannan babi. Ki haɗa da shafi ɗaya na jadawalin kamar yadda zai fito a rahoton, domin ya ga ainihin abin da zai amince da shi. Idan kika yi haka, amsarsa ba za ta wuce kalma ɗaya ko biyu ba, kuma saƙon da za a iya amsa shi da kalma ɗaya shi ne ake amsawa a cikin mota.

Matashi_Bompai:
Na yarda da maganar take, amma a nawa ganin ta sa kalmar "URGENT" da manyan haruffa a farkonsa, sannan ta danna alamar muhimmanci. A wurinmu duk saƙon da ba shi da wannan ba a kula shi. Kuma ta saka manajan ma'aikata da shugaban sashenta da mai kula da ita duka a Cc, wato gurbin waɗanda ake aika wa kwafin saƙo, domin idan darakta ya ga idanu da yawa a kan saƙon zai ji nauyin amsawa.

Tsohuwar_Sakatariya:
Matashi_Bompai, rabin maganarka daidai ne, wato dole taken ya nuna cewa akwai lokaci. Amma ranar wata ce take yin wannan aiki, ba waccan kalma ba. A masana'anta, gaggawa na nufin inji ya tsaya ko wani ya ji rauni. Idan ɗaliba ta kira rahotonta gaggawa, alhali saura kusan mako uku, darakta zai buɗe da faɗuwar gaba, ya tarar ba haka ba, kuma daga ranar zai riƙa kallon sunanta da wannan ido. Manyan haruffa kuma a imel kamar ɗaga murya ne.

Game da Cc, mutum ɗaya ya isa, shi ne injiniyan da ya tura ta, kuma shi ma ta gaya masa da baki kafin ta saka shi. Amfaninsa shi ne darakta ya ga ba ta tsallake na gaba da ita ba. Tara manya uku ko huɗu a kan saƙon ƙaramar ma'aikaciya yana kama da kai ƙara, kuma kowannensu zai iya ɗauka ɗayan ne zai amsa. Bcc kuwa kada ta taɓa shi a nan. Wanda aka ɓoye a Bcc idan ya danna Reply All, kowa zai gane cewa an saka shi a ɓoye, kuma wannan abin kunya ne da yake da wuyar gyarawa.

Malam_Na_Sakatariya:
Ni dai ina da ja a kan rage gaisuwa. Shekaruna 26 a aikin gwamnati, kuma abin da na sani shi ne ƙarami ba ya faɗa wa babba da bukata tun bai gaishe shi ba. Mu da muka taso da rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, ya sa hannu kafin ta wuce sama, mun san cewa tsari da ladabi su ne suke tafiyar da takarda. Yarinyar nan tarbiyyarta ce ta sa ta fara da gaisuwa da godiya, kuma bai kamata mu koya mata ta zubar da ita ba. Na ga matasa suna aiko da saƙon layi biyu babu sallama babu godiya, kamar suna aiken ƙaninsu kasuwa, kuma na ga yadda manya suke ajiye irin waɗannan saƙonni gefe da gangan.

Injiniya_Kawo:
Malam, Allah ya ƙara girma, babu wanda ya ce ta zubar da gaisuwa. Abin da ake magana a kai shi ne yawanta da wurin da za ta zauna. Ko a zauren gida, idan ka je wurin babba ka tarar mota tana jiransa, za ka durƙusa ka gaishe shi, amma ba za ka tsaya tambayar gajiya da iyali da gona ɗaya bayan ɗaya ba, za ka faɗi abin da ya kawo ka domin kada ka tsare shi. Wannan ma ladabi ne. Layi ɗaya na gaisuwa a sama, layi ɗaya na godiya a ƙasa, da kiran sa da muƙaminsa daidai, sun ɗauke nauyin girmamawa. Tambayar iyalin mutumin da ba ta taɓa magana da shi ba kuwa, a rubuce tana iya zama kamar shisshigi.

Abin da na fi so ta cire shi ne sakin layin neman afuwa. Ba ta yi laifi ba, shugabanta ne ya tura ta, kuma neman izini kafin amfani da bayanan kamfani shi ne abin da ya dace. Idan ta buɗe da ban haƙuri har layi huɗu, tana nuna wa mai karatu cewa ita kanta tana ganin bukatar ba ta cancanta ba.

Malam_Na_Sakatariya:
Na karɓi maganar neman afuwa, Injiniya. Amma godiyar karɓarta da aka yi a kamfanin ina nan a kan bakana cewa ta bar ta, ko da jimla ɗaya ce a ƙarshe. Wata shida suna koya mata aiki, kuma wataƙila wannan ne saƙo ɗaya tilo da za ta taɓa aika masa.

Ɗan_Maraɗi:
Mu a Nijar lamarin ya ɗan bambanta, domin da Faransanci muke rubutawa, kuma tsarin wasiƙar gwamnati a can yana da doguwar jimlar rufewa ta girmamawa wadda kowane ɗalibi yake haddacewa. Lokacin da na yi nawa zaman koyon aikin a Yamai, na riƙa kwafe wannan jimla a kowane imel, har wata ma'aikaciya ta nuna mini cewa a imel na cikin gida ana taƙaita ta, a bar cikakkiyar ga wasiƙar da za a buga a takarda a sa hannu. Abin da na koya daga nan shi ne kowane ofis yana da al'adarsa, kuma hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce a duba yadda waɗanda suka daɗe a wurin suke rubuta wa wannan mutumin. Ƙanwata, ki roƙi injiniyanku ya nuna miki saƙo ɗaya da ya taɓa aika wa daraktan. Za ki ga da me yake buɗewa, yaya yake kiransa, kuma layi nawa yake yi. Naki ya ɗan fi nasa nuna girmamawa, tunda shi sun saba, amma kada ya yi nisa da shi.

Ummu_Nana:
Ni abin da ya faru da ni zan faɗa, ko zai yi mata amfani. A watan farko na hidimar ƙasa na rubuta wa shugabar sashenmu saƙo, na ce ga takardar a haɗe, na aika ba tare da na haɗa komai ba. Na sake aikawa da ban haƙuri, sai na tarar tsohon kwafi na haɗa. Saƙo uku a cikin minti goma, kuma duka daga adireshin da na buɗe tun ina sakandare, mai ɗauke da sunan wasa. Tun daga ranar na canza tsarin aikina: fayil nake fara haɗawa, sannan in rubuta jikin saƙon, sannan take, kuma gurbin To shi ne na ƙarshe da nake cikewa, domin saƙon da ba shi da adireshi ba zai tafi bisa kuskure ba. A Gmail kuma akwai Undo Send a cikin Settings, ana iya zaɓar daƙiƙa 5, 10, 20 ko 30 na janye saƙo bayan an danna Send, ki mayar da naki 30. Kada ki dogara da Recall na Outlook, domin yana aiki ne kawai idan ku biyun kuna kan tsarin imel na ma'aikata ɗaya, kuma idan ya riga ya buɗe saƙon ya riga ya gani.

Jadawalin kuma ki mayar da shi PDF, domin fayil ɗin Excel yana wahalar dubawa a waya, kuma ki ba shi suna mai ma'ana. Ki buɗe shi bayan kin haɗa ki tabbatar shi ne. Idan kamfanin ya ba ki adireshin imel, da shi za ki aika. Idan bai ba ki ba, ki tabbatar naki yana ɗauke da cikakken sunanki.

Ɗaliba_Zazzau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake rubutawa bisa shawarwarinku. Da Turanci zan aika, amma ga ma'anarsa da Hausa, na cire sunaye:

Take: Saƙo daga ɗalibar SIWES ta sashen kula da injuna game da neman izinin amfani da wasu bayanai a rahoto kafin 14 ga Nuwamba

Ranka ya daɗe, barka da safiya. Sunana wance, ɗalibar SIWES a sashen kula da injuna, ƙarƙashin Injiniya wane, wanda ya umarce ni da in rubuto maka. Ina neman izininka in yi amfani da adadin litocin dizal da awannin aikin janareta biyu na masana'anta, daga Yuni zuwa Oktoba, a rahoton da zan miƙa wa jami'a. Ba zan saka farashi ko sunan dillali ba, kuma zan iya cire sunan kamfanin daga wannan babi idan ka fi son haka. Na haɗa da shafi ɗaya da yake nuna yadda jadawalin zai fito. Dole in sami amsa kafin Juma'a 14 ga Nuwamba, saboda aikina zai ƙare ranar 28. Na gode da damar koyon aiki da aka ba ni.

Sai cikakken sunana, sashe, da lambar waya a ƙasa. Tambayata biyu: shin in fara da sallama tunda Musulmi ne, kuma in rubuta "Dear Sir" ne ko in ambaci sunansa?

Tsohuwar_Sakatariya:
Kin yi ƙoƙari 'yata, daga kalmomi 400 kin dawo kusan 100, kuma babu abin da ya ɓace. Saura gyara uku.

Taken ya yi tsawo, kuma kin sa marasa muhimmanci a gaba. A wayata kalmomi biyar ko shida na farko kawai nake gani kafin a yanke sauran, saboda haka shi abin da zai gani shi ne saƙo daga ɗalibar SIWES, ba zai ga izini ba, ba zai ga rana ba. Ki juya shi ya zama: Neman izini kafin 14 Nuwamba: bayanan dizal don rahoton SIWES. Ki aika wa kanki tukuna, ki duba a waya ki ga inda ya yanke. Wannan take yana da wani amfani kuma, ranar da sakatarensa zai nemo saƙon bayan wata biyu, kalmar dizal kawai zai rubuta ya same shi.

Kalmar dole ba ta dace daga ƙarami zuwa babba ba. Ranar tana nan, dalilin yana nan, amma ki ce za ki yi godiya idan ya samu damar amsawa kafin ranar, domin ki samu mako biyu na kammala rahoton. Kin faɗi bukatarki a fili ba tare da kin ba shi umarni ba. Sannan ki raba jikin gida uku da fili a tsakani: gabatarwa, bukata da iyakarta, sai rana da godiya. Dunƙulallen rubutu a waya yana da nauyi a ido ko da gajere ne.

Game da kira, "Dear Sir" ba ya ɓaci, kuma ya fi aminci a kan kuskuren suna. Idan za ki ambaci suna, ki samo shi daga sa hannun wani saƙonsa ko daga sakatarensa, da muƙamin da yake amfani da shi, ko Injiniya ne ko Dakta. Kuskuren harafi ɗaya a sunan mutum, ko kiran Dakta da Mista, yana tsaya wa wasu a rai fiye da duk abin da ke cikin saƙon.

Malam_Na_Sakatariya:
Ta yi sallama. Musulma ce tana rubuta wa Musulmi, kuma kalmomi biyu ba za su tsawaita saƙon ba.

Injiniya_Kawo:
A nan ban bi Malam gaba ɗaya ba. Idan al'adar ofishin ce, ta yi, babu laifi ko kaɗan. Amma saƙon aiki yakan yi yawo, darakta zai iya tura shi ga manajan ma'aikata ko lauyan kamfani ya ce su duba, kuma a masana'antun Kaduna mutane daga ko'ina suke. Shi ya sa wasu ofisoshi suke barin gaisuwar rubutu a yadda kowa yake amfani da ita, su bar sallama ga haɗuwar ido da ido. Shawarar Ɗan_Maraɗi ce za ta raba gardamar: ta ga yadda injiniyanta yake buɗe nasa.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Duk abin da aka faɗa na yarda da shi, amma kada a manta da sakataren daraktan. A ofisoshinmu na nan, imel shi kaɗai sau da yawa ba ya motsa takarda. Bayan ta aika, ta je ta gaishe da sakataren, ta gaya masa cewa ta aiko da saƙo mai take kaza, amsar eh ko a'a kawai yake bukata. Shi ne ya san ranar da maigida yake gari da lokacin da yake da sarari. Kuma kada ta nemi lambar daraktan ta bi shi ta WhatsApp, sai idan shi ya ba ta da kansa. Izinin irin wannan ma a rubuce take bukatarsa, domin idan wani ya tambaye ta daga baya wa ya ba ta damar fitar da alƙaluman, tana da abin nunawa. Ko da ya ce mata eh da baki a hanya, ta koma kan saƙon ta rubuta layi ɗaya na godiya da yake ambaton amincewar da ya yi da ranar da ya yi ta.

Matashi_Bompai:
To idan ya yi shiru fa? Ni a ganina washegari ta sake aikawa, domin lokaci yana tafiya.

Tsohuwar_Sakatariya:
Washegari ya yi kusa. Idan ta aika Litinin 10 ga wata da safe, tsakanin ƙarfe takwas da tara, ta jira har Alhamis. Idan da dare ta gama rubutawa, ta yi amfani da Schedule send ya tafi da safe, kada ya shiga wayarsa ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Tunatarwar kuma kada ta buɗe sabon saƙo, ta danna Reply a kan wanda ta aika domin na farkon ya kasance a ƙasa, ta rubuta layi biyu: tana tunatar da shi cikin girmamawa game da bukatar da ke ƙasa, kuma a shirye take ta kawo ƙarin bayani. Kada ta tambaye shi ko ya ga saƙonta, domin wannan tambaya tana ɗauke da zargi. Ta sake haɗa jadawalin, tunda Reply ba ya ɗauko fayil ɗin da aka haɗa da farko.

Injiniya_Kawo:
Ni da zan so tunatarwar ta fito daga bakin injiniyan nata, ba daga gare ta ba, tunda shi yana shiga taro da daraktan kuma kalma ɗaya ta ishe shi. Amma na san ba kowane mai kula da ɗalibai yake yarda ya yi wannan ba. Abin da nake so ta riƙe shi ne shiru ba izini ba ne. Idan 14 ga wata ta wuce babu amsa, kada ta saka alƙaluman. Ta tanadi wata hanya tun yanzu, misali ta bayyana yadda ake auna shan mai a kowace awa da yadda ake cike littafin, ba tare da ainihin lambobin kamfanin ba.

Ɗaliba_Zazzau:
Na nuna wa injiniyanmu saƙon yau da safe kafin in aika. Ya yarda in saka shi a Cc, kuma ya nuna mini wani nasa, na ga da "Dear Sir" yake buɗewa babu sallama, sai na bi hakan, amma na bar jimlar godiya a ƙarshe kamar yadda Malam ya ce. Ya kuma gyara mini abu ɗaya da ban lura da shi ba: a jadawalin da na haɗa akwai lambobin da aka yi wa janaretocin rajista da su a kamfani, ya ce in mayar da su janareta na ɗaya da na biyu. Na aika ƙarfe takwas da rabi, sannan na je na gaishe da sakataren, wanda ya ce daraktan yana Legas sai Laraba zai dawo. Yanzu abin da ban tabbatar ba shi ne ko in yi tunatarwar ranar Alhamis kamar yadda Tsohuwar_Sakatariya ta tsara, ko in bari sai Juma'a da safe tunda kwana ɗaya kawai zai yi da dawowa.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ki koma wurin sakataren ranar Alhamis da hantsi ki tambaye shi ko maigida ya zauna a ofis ko yana cikin taruka. Idan ya zauna, ki aika a ranar, domin Juma'a gajeriyar rana ce a ofis kuma bayan masallaci ba lallai ya dawo ba.